Kuɗin Sallama da Fansho: Yadda Ake Lissafi, da Abin da Ya Fi Cancantar a Tsare



Mafi yawan mutanen gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa, ba masu albashi ba. Amma akwai wani rukuni da wannan lacca ta shafa kai tsaye: direbobi da masu gadi da masu shara na ƙungiyoyin agaji, ma'aikatan furojoji, malaman makarantu masu zaman kansu, masu aiki a gidajen mai da kantunan magani da asusun bashi da ajiya da ke jere a kan babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa. Mutanen Agye sun san yadda furoje yake, tun daga irin su PPILDA: yana zuwa, ya yi shekarunsa, ya naɗe tabarma. Ranar da ya naɗe, tambayar farko da kowa yake yi ita ce nawa za a ba ni. Tambaya ce mai kyau, zan kuma amsa ta da alƙaluma. Sai dai ina so in nuna muku cewa akwai tambaya ta biyu da ta fi ta nauyi, wadda ba a cika yi ba sai lokaci ya ƙure: wata nawa aka zuba mini a asusun CNSS?

Ma'aikacin gwamnati na dindindin yana da tsarinsa daban a asusun CARENI, ba da shi nake ba yau. Ina magana ne a kan wanda dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 take kula da shi. Kuɗi kuwa zan faɗe su da sefa kamar yadda ake rubuta su a takardar albashi, ba da dala ba. Idan na ce jika, sefa 1,000 ke nan.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kuɗin sallama mai aiki ne yake biya daga aljihunsa, sau ɗaya, ranar rabuwa. Fansho kuwa, ko pansiyo kamar yadda muka fi cewa a nan, CNSS ce take biya, daga abin da aka riƙa zubawa kowane wata tsawon shekarun aiki. Ba zaɓi ba ne tsakanin wannan da wancan. Wanda ya cika sharuɗɗa yana da haƙƙin duka biyun, kuma karɓar ɗaya ba ya kashe ɗayan. Na jaddada wannan ne saboda muna maƙwabtaka da Katsina, muna jin labarin garatuti a rediyo da bakin dangi. A Najeriya, a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10, a wani asusu mai sunan ma'aikacin shi kaɗai, kuma idan ya yi ritaya yana iya cirar wani dunƙule daga ciki, sauran a riƙa ba shi wata-wata. A can dunƙulen yana rage na wata. A nan Nijar tukunya biyu ce daban, kada a ɗauko lissafin can a ɗora a kan namu.

Ma'aunin kuɗin sallama da zan bi a nan yana cikin yarjejeniyar gama-gari ta sana'o'i ta 15 ga Disamba 1972. Tana neman ma'aikaci ya cika aƙalla shekara ɗaya yana aiki, kuma ya zama mai aikin ne ya sallame shi. Wanda ya ajiye aiki don kansa ba shi da wannan kuɗi. Wanda aka kora saboda babban laifi, irin sata ko duka, shi ma ba shi da shi, ko da yake ba mai aiki ne yake da kalmar ƙarshe a kan girman laifin ba, alƙali ne. Haka kuma kwantiragi mai wa'adi, idan wa'adinsa ya cika, ba sallama ba ce a idon doka. Abin da za a ba ka a nan shi ne abin da kwantiragin ko dokar cikin gida ta ma'aikatar ta yi alkawari, don haka a karanta shi tun ranar sa hannu. Wanda ya kai shekarun ritaya yana kan aiki kuwa, kuɗin tafiya ritaya ake kiran nasa, shi ma a kan albashi da shekarun aiki ake gina shi.

Yanzu ga lissafin. Mu ƙaddara wani direba, misali ne kawai, ba wani takamaiman mutum ba. An ɗauke shi aiki a Gazawa ranar 1 ga Janairu 2007, aka sallame shi ranar 31 ga Disamba 2024 saboda aikin ya ƙare. Shekara 18 cif.

Mataki na farko shi ne gano matsakaicin albashinsa na wata a cikin watanni 12 na ƙarshe. A nan ne ake fara yin asara, domin ba tushen albashi kawai ake ɗauka ba. Ana haɗa duk abin da aka biya shi a matsayin ladan aiki: tushen albashi, ƙarin daɗewa a aiki, kuɗin awannin ƙari, tukwicin ƙarshen shekara. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da aka mayar masa saboda ya kashe a kan aiki, kamar na kwana da abinci idan an aike shi Yamai. A ce tushen albashin direbanmu 120,000 ne, da ƙare-ƙaren da yake samu kowane wata ya kai 140,000. Sau 12 ya zama 1,680,000. Awannin ƙari da tukwici na wannan shekarar sun kama 120,000. Jimla 1,800,000. A raba gida 12, matsakaicin ya fito 150,000.

Mataki na biyu shi ne a yanka shekarun gida uku. Shekaru biyar na farko, kowace shekara tana ba shi kashi 20 cikin ɗari na wannan matsakaici, wato 30,000. Sau biyar, 150,000. Daga shekara ta shida zuwa ta goma, kowace tana ba shi kashi 30, wato 45,000. Sau biyar, 225,000. Duk shekarar da ta haura goma tana ba shi kashi 35, wato 52,500. Yana da takwas, sun kama 420,000. A haɗa su, kuɗin sallamarsa sefa 795,000 ne. Da ya ƙara wata shida a kan shekarun 18, sai a ƙara masa rabin na shekara, wato 26,250, domin guntun shekara ma ana lissafa shi.

Ku dubi wannan adadi da kyau. Shekara 18 yana riƙe da sitiyari, abin da ya fito albashin wata biyar ne da ɗan ɗoriya. Na ga wasu fuskoki sun canza, amma haka ma'aunin yake. Shi ne mafi ƙaranci. Ma'aikata tana iya ba da fiye da haka idan yarjejeniyarta ta tanada, ba ta da ikon ba da ƙasa da shi.

Yaya za ka gane an yi kuskure? Idan takardar da aka miƙa wa direbanmu ta nuna 636,000, to da tushen albashi na 120,000 aka yi lissafin, an bar ƙare-ƙarensa a waje, ya rasa jika 159. Idan ta nuna 540,000, an bi duk shekarun 18 da kashi 20 ne, ba a hau mataki na biyu da na uku ba, ya rasa jika 255. Su ma ma'aikata suna nasu kuskuren: mutum ya ji an ce kashi 35, sai ya buga shi a kan dukan shekarun, ya sami 945,000, ya tafi ofis yana kumfar baki a kan kuɗin da doka ba ta ba shi ba. Kashi 35 na shekarun da suka haura goma ne kawai.

Akwai wasu haƙƙoƙi da suke tafiya tare da kuɗin sallama amma ba cikinsa suke ba, kuma ya kamata kowanne ya fito a layinsa a takarda. Akwai albashin kwanakin ƙarshe. Akwai kuɗin wa'adin sanarwa idan ba a bar shi ya yi wa'adin yana aiki ba, wanda ga ƙaramin ma'aikaci mai albashin wata yake kama wata ɗaya. Akwai kuɗin hutun da bai ci ba. Idan kuma sallamar ta matsin tattalin arziki ce, doka ta ƙara wani kuɗi na musamman daidai da albashin wata ɗaya. Idan aka dunƙule maka duka a adadi guda aka ce ga haƙƙinka, ka nemi a warware maka su ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada ka fita ba tare da takardar shaidar aiki ba, wadda ta nuna ranar shiga da ranar fita. Za ka ga amfaninta nan gaba.

To, mu koma tukunya ta biyu. Kowane wata ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci don fansho, mai aiki ya ƙara kashi 6.25 daga wajensa, a kai CNSS. A albashin 150,000, na direban 7,875 ne, na mai aikin 9,375, jimla 17,250. Albashin da ya wuce 500,000 a wata, abin da ya haura ba a cire masa, ba a kuma lissafa shi a fansho. Wannan bai dami yawancinmu ba. Sharuɗɗan samun fanshon tsufa uku ne: shekara 60 da haihuwa, wata 180 na zubi, wato shekara 15, da kuma barin aikin albashi.

Shi ma fanshon a kan matsakaicin albashi ake gina shi, amma na shekaru uku ko biyar na ƙarshe, a ɗauki wanda ya fi amfanar ma'aikaci. Tun da albashi yakan hau a hankali, wannan matsakaici yakan ɗan gaza na watanni 12. A ce na direbanmu 140,000 ne. Kowace shekarar zubi kafin 1 ga Janairu 2012 tana ba da kashi 1.33 cikin ɗari, kowace shekara daga wannan rana zuwa gaba tana ba da kashi 2. Direbanmu yana da shekara biyar kafin 2012, sun ba shi kashi 6.65, da shekara 13 bayanta, sun ba shi kashi 26. Jimla kashi 32.65. A ɗora a kan 140,000, fanshonsa sefa 45,710 ne a wata. An daɗe ana biyan fanshon CNSS wata uku-uku, wanda a lissafinsa zai kama 137,130 a kowane zuwa, amma adadin na wata ne.

Idan aka ajiye 795,000 a gefe ɗaya, 45,710 a ɗaya gefen, ido yana tafiya wajen babban. Amma a yi rabawa: kafin wata 18 su cika, fanshon ya riga ya biya abin da ya kai kuɗin sallamar gaba ɗaya. Shekara guda ta fansho 548,520 ce. Idan Allah ya ba shi shekara goma bayan ritaya, ya karɓi 5,485,200, kusan ninki bakwai na kuɗin sallama. Kuma ba ya yankewa da rasuwarsa. Matarsa tana samun rabin fanshon, idan mata sun fi ɗaya su raba wannan rabin, marayun da ba su wuce shekarun da aka ƙayyade ba su ma suna da kasonsu, muddin jimlar ba ta wuce fanshon mamacin ba.

Saboda haka hukuncina a fili yake: ga wanda ya daɗe a aiki, fansho ne dukiyar, kuɗin sallama guzuri ne. Abin mamaki, a kan guzurin ake yin faɗa, a tara wakilai, a yi ta zarya, dukiyar kuwa ba wanda ya leƙa ya ga ko tana nan.

Ga yadda take salwanta. Mu koma wa direbanmu, mu canza abu ɗaya tak. Ya fara aiki a 2007, amma ba a yi masa rajista a CNSS ba sai Janairu 2011. Shekaru huɗun farko a hannu ake ba shi kuɗi, ba takardar albashi. Kuɗin sallamarsa ba zai canza ba idan ya iya tabbatar da ranar da ya fara. Amma a littafin CNSS wata 168 yake da su, ba 216 ba. Saura wata 12 ya kai 180, kuma wannan giɓi ya isa ya hana shi fansho. Abin da zai samu idan ya kai 60 shi ne kuɗin tsufa na dunƙule, wato matsakaicin albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar zubi: 140,000 sau 14, sefa 1,960,000, sau ɗaya, shi ke nan. Ranar karɓa zai ji daɗi, don bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba. Amma fanshon da ya rasa zai biya wannan adadi a cikin kusan shekara uku da rabi, sannan ya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma wuce ga iyalinsa.

Hanya ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. An yi maka rajista, ana zubawa, amma a kan albashin da bai kai wanda kake karɓa ba. Wani lokaci ma da yardar ma'aikacin ake yi, don ya ga abin da ake cire masa ya ragu. Da a ce 60,000 aka riƙa bayyanawa a kan direbanmu, kashi 32.65 ɗin nan zai ba shi 19,590 kacal. Doka ta ce fansho ba ya gaza kashi 60 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma 42,000 daga Janairu 2024, amma ko da wannan tallafi bai wuce 25,200 ba. Ya tsira da jika huɗu a wata yana aiki, ya rasa jika ashirin a wata yana tsoho. Hanya ta uku ita ce a cire a takardar albashi amma kuɗin bai isa asusu ba. Duka ukun magani ɗaya suke da shi, kuma ba ya buƙatar lauya: ka san lambarka ta CNSS, ka je ofishinsu na Maraɗi ka nemi bayanin watannin da aka zuba maka da albashin da aka bayyana, ka gwada da takardun albashinka. Gyara yana da sauƙi muddin ma'aikatar tana nan. Idan furoje ya rufe, motoci sun koma, mai lissafin kuɗin ya bar gari, wa za ka kama?

Kada in yi wa kuɗin sallama rashin adalci. Yana da abin da fansho ba shi da shi, wato yana zuwa nan take. Wanda aka sallama yana da shekara 52, fanshonsa ba zai buɗe ba sai bayan shekara takwas, kuma cikin waɗannan shekaru dole a ci tuwo. A nan kuɗin sallama yake aikinsa. Yana iya zama jarin sayen aya ko wake da kaka a ajiye, ko shanun huɗa da amalanke. Sai dai kowa ya san abin da yake faruwa da kuɗin dunƙule a gidan Bahaushe: kafin ya iso labarinsa ya riga shi, ga mai bin bashi, ga auren ƴa, ga rufin ɗaki, ga ɗan'uwan da ba a iya ce wa a'a. Fansho ma yana da rauninsa, domin farashin hatsi yana tashi ba tare da ya jira a ƙara shi ba, kuma 45,710 na bana ba zai sayi tiyoyin geron da zai saya bayan shekara goma ba. Duk da haka wanda yake zuwa kowane lokaci ya fi wanda ya zo sau ɗaya.

Ga wanda aka sallama bai kai wata 180 ba, watanninsa ba su mutu ba. Idan ya sami wani aikin, ya ba da tsohuwar lambarsa a ci gaba da zubi a kanta. Kada ya yarda a buɗe masa sabuwa, don haɗa lamba biyu daga baya wahala ce, musamman idan an rubuta suna iri biyu ko shekarar haihuwa ta saɓa. Idan bai sami aiki ba, akwai tsarin zubi na son rai ga wanda ya taɓa zama cikin asusun, inda zai riƙa biyan kason duka biyu da kansa. A tambaya da wuri, tun sallamar tana ɗanya. Ga mai wata 168, cike wata 12 a kan kimanin 17,000 bai wuce jika 210 ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sallamar direbanmu. Ban san wata hajja a kasuwar Gazawa ko ta Tibiri da za ta mayar da irin wannan riba ba.

Idan aka sami saɓani a kan lissafi, ƙofar farko ofishin sufeton ƙwadago ne a Maraɗi. Zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu, idan ya gagara a wuce kotun ƙwadago. A kula da abu ɗaya: takardar sulhun da aka sa wa hannu a gaban sufeto tana ɗaure kowa, don haka kada ka sa hannu sai ka yi naka lissafin, ko ka sa wakilin ƙungiyarku ya yi maka. Kada kuma a yi jinkiri, domin neman haƙƙin albashi yana da wa'adi a doka.

Ku iyayenmu mata, da ku masu mata, rabon gwauruwa ba ya fita sai da takardar aure, na marayu sai da takardar haihuwa. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da shaidu ingantacce ne a addini, amma ma'aikacin asusu takarda yake dubawa. A yi su a magajin gari tun maigida yana da rai.

Roƙona gare ku shi ne, duk mai albashi a cikinku ya tattara takardun albashinsa da kwantiraginsa wuri ɗaya inda gara da ruwa ba za su kai ba, kuma kafin ƙarshen wannan wata ya je CNSS a Maraɗi ya ji wata nawa aka rubuta masa. Wanda ya zo da takardarsa yau, ya matso gaba bayan an tashi mu yi lissafin tare.